Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Bibiyar Takardar Izinin Gini Idan Fayil Ya Kwanta a Ofishin Tsara Birane

Wanda ya kai zanen gidansa ofishin tsara birane, ya biya kuɗi, aka ce masa ya je za a neme shi, sannan wata uku ko huɗu suka wuce shiru, yawanci abu biyu yake yi. Ko dai ya dinga sintiri ana ce masa oga ba ya nan, ko kuma ya gaji ya kira magina su fara haƙa fandisho. Sintirin ba ya barin wata shaida, fara ginin kuma shi ne ke jawo jan fenti a katanga. Abin da ya fi su duka shi ne wasiƙa guda, gajeriya, wadda aka buga wa hatimin karɓa. Aikin wannan wasiƙa ba kuka ba ne, ba kuma faɗa ba. Aikinta ta sa a gano inda fayil ɗinka yake, a kuma faɗa maka a rubuce abin da ya riƙe shi.

A Kano hukumar da ke ba da izinin gini ita ce KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine ne na hukumar birnin tarayya. Sunaye sun bambanta, kuɗaɗe sun bambanta, amma tafiyar fayil kusan iri ɗaya ce, don haka matakan da ke tafe za su yi maka aiki a ko'ina cikinsu.

Ka fara sanin hanyar da fayil ke bi

Kafin ka ɗauki biro, ka san tebura nawa takardunka za su ratsa, domin wasiƙar da ba ta san inda take nufa ba ba ta motsa kowa. Fayil yana farawa daga rajista, inda ake buɗe shi a ba shi lamba. Daga nan a lissafa kuɗin da za ka biya. Sai jami'ai su je su duba filin da idonsu, su rubuta rahoto. Sai masu tsara gari su duba ko abin da kake son ginawa ya dace da abin da aka ware wurin dominsa, da kuma tazarar da ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta. Mai duba zane ya duba ɗakuna da tagogi da iska, injiniya ya duba ƙarfin ginin, musamman idan bene ne. A ƙarshe shugaba ya sa hannu a buga hatimi a kan zanen.

A ganina, mafi yawan fayilolin da suka kwanta ba ƙiyayya ce ta kwantar da su ba. Wani jami'i ne ya ga matsala, ya rubuta tambaya a cikin fayil, tambayar kuma ba ta taɓa isowa ga mai gini ba. Shi yana gida yana jiran izini, su suna ofis suna jiran amsarsa. Sauran dalilan da aka fi gani su ne kuɗin da aka biya a banki amma sashen kuɗi bai shigar da shi a fayil ba, takardar fili da har yanzu take ɗauke da sunan wanda ya sayar, zanen da babu hatimin mai zane ko injiniya mai rajista, da rahoton duba fili da aka je aka dawo ba a rubuta ba.

Mataki na farko: tattara shaidarka

Ka zauna ka fito da duk wata takarda da ta shafi neman. Abu mafi muhimmanci shi ne lambar fayil. Ofis ba ya neman fayil da sunan mutum ko da kwatancen unguwa, da lamba yake nema. Idan ba ka da ita, duba saman takardar lissafin kuɗi ko rasit, yawanci tana nan. Idan wani ne ya kai maka takardun, wato mai zane ko ɗan aike, ka matsa masa ya ba ka lambar da ainihin rasit ɗin, ba hotonsa a waya ba.

Nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Idan wanda ka ba wa aikin ya kasa kawo lambar fayil bayan watanni, akwai yiwuwar ba a taɓa buɗe fayil ɗin ba. Ka je rajista da kanka ka tambaya kafin ka rubuta komai. Abin kunya ne ka rubuta wa shugaban hukuma kana ƙorafin jinkiri a kan takardun da ke cikin jakar ɗan aikenka.

Bayan lamba, ka rubuta kwanakin nan a takarda daban: ranar da aka miƙa takardu, ranar biyan kuɗi da lambar rasit, ranar da aka zo duba fili idan an zo, da ranar da ka samu wani saƙo na ƙarshe daga ofis. Sai lambar fuloti da sunan shimfiɗar filayen kamar yadda suke a takardar mallaka, harafi da harafi. Kada ka rubuta "bayan gidan mai" alhali takardarka tana da lamba.

Ka kuma duba kanka da gaskiya. Sunan da ke kan fom ɗin neman izini shi ne ke kan takardar fili? Idan ka sayi filin ne ba a sauya suna a ofishin filaye ba, to matsalarka tana can, a KANGIS idan a Kano kake ko KADGIS a Kaduna, kuma wasiƙa goma zuwa ofishin tsara birane ba za ta warware ta ba. Harajin fili fa, an biya? Idan ka gano giɓin daga wajenka yake, ka cike shi tukuna, sannan wasiƙarka ta zama ta miƙa abin da ya rage.

Mataki na biyu: leƙa rajista sau ɗaya kafin rubutu

Ka je da lambar fayil, ka gaida ma'aikacin rajista yadda ya kamata, ka roƙe shi ya duba maka littafin shige da ficen fayiloli. Tambayarka guda ce: "Malam, don Allah wane ofis fayil ɗin nan ya tafi na ƙarshe, kuma yaushe?" A wuraren da aka koma kwamfuta ma akwai wannan bayani. Idan ya ce yana sashen injiniyoyi tun watan Maris, ka samu jimlar da za ta ba wasiƙarka nauyi. Idan ya ce ba a ga fayil ɗin ba, wannan ma labari ne, kuma zai sauya abin da za ka roƙa.

Mataki na uku: wa za a rubuta wa

Wasiƙa tana zuwa ga shugaban hukuma, da muƙaminsa, ba da sunansa ba. A wasu jihohi Manajan Darakta ne, a wasu Babban Darakta. Ka dubi takardun hukumar ka kwafi muƙamin yadda suke rubuta shi. Dalilin amfani da muƙami shi ne ana sauya mutane, kuma wasiƙar da aka rubuta da sunan wani tana iya zama tasa ta kansa, ta ƙare a aljihun teburinsa. Wadda aka rubuta wa ofis kuwa dole ta bi ta rajista, shugaba ya rubuta umarni a jikinta, a tura ta sashen da ya dace, a liƙa ta a fayil. Wannan umarnin na shugaba shi ne abin da kake nema. Jami'in da aka turo wa takarda daga sama yana buƙatar ya nemo fayil kafin ya ba da amsa, kuma nemo fayil ɗin shi ne rabin aikin.

A ƙarƙashin muƙamin shugaba kana iya ƙara layi cewa a kula da ita a sashen ba da izinin gini. Kada ka rubuta wa jami'in da ya zo duba filinka kai tsaye, ko da kun saba.

Maganar harshe kuma: fayilolin waɗannan ofisoshi da Turanci ake tafiyar da su. Shawarata ka tsara wasiƙar da Hausa yadda ka fahimci kowace kalma, sannan mai zanenka ko wani da ka yarda da shi ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ƙara mata ado ba. Ka sa a karanta maka ita kafin ka sa hannu. Masu buga takardu na bakin ofis sukan cusa manyan kalmomi da barazanar lauya da ba ka ce a sa ba.

Mataki na huɗu: ainihin wasiƙar

Mu ɗauki misali. Wani mutum yana da fuloti mai ƙafa 50 da 100, takardarsa ta gidan zama ce. Ya nemi izinin gina gida mai ɗaki huɗu, ba bene ba, da shaguna biyu a gaba. Ya miƙa takardu ranar 12 ga Fabrairu, ya biya kuɗi ranar 26 ga Fabrairu, an zo duba fili ranar 14 ga Maris. Yau ga shi a farkon Yuni, damina ta kawo kai, bai ji komai ba. A rajista an gaya masa fayil ya shiga sashen tsara gari ranar 20 ga Maris bai fito ba. Ga yadda wasiƙarsa za ta kasance, bayan adireshinsa da lambar wayarsa da kwanan wata a sama, da muƙamin shugaba da adireshin hukuma:

*Ranka ya daɗe,*

*BIBIYAR NEMAN IZININ GINI: FAYIL MAI LAMBA ……, FULOTI MAI LAMBA ……, SHIMFIƊAR ……*

*Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na miƙa takardun neman izinin gina gida mai ɗaki huɗu da shaguna biyu a fulotin da aka ambata a sama ranar 12 ga Fabrairu. Na biya kuɗin da aka yanka mini ranar 26 ga Fabrairu, rasit mai lamba ……. Jami'an hukuma sun duba filin ranar 14 ga Maris. Daga wannan rana zuwa yau ban samu wata sanarwa ba, ta amincewa ko ta neman gyara.*

*Da na tuntuɓi rajista, an sanar da ni cewa fayil ɗin yana sashen tsara gari tun ranar 20 ga Maris.*

*Ina roƙon a sanar da ni a rubuce matakin da neman nawa yake. Idan akwai wata tambaya, ko gyara a zane, ko takardar da ba ta cika ba, ina roƙon a faɗa mini ita domin in kawo cikin gaggawa. Idan kuma babu abin da ya rage daga gare ni, ina roƙon a kammala a ba ni izinin.*

*Ban fara kowane aiki a filin ba, ina jiran amincewar hukuma. Zan dawo rajista ranar …… domin karɓar amsa. Ana iya samuna a lambar waya da adireshin da ke sama, waɗanda nake roƙon a sa su a fayil a madadin duk wata lamba da aka bayar a baya.*

*Na haɗo kwafin takardar shaidar miƙa takardu, da rasit, da takardar mallakar fili.*

*Na gode, Allah ya ƙara girma.*

Sai sa hannu da cikakken suna kamar yadda yake a fom.

Shafi ɗaya ke nan, kuma bai kamata ta wuce haka ba. Duba abin da kowane ɓangare ke yi. Kan wasiƙar ya ishi ma'aikacin rajista ya san fayil ɗin da zai liƙa ta ba tare da ya karanta sauran ba. Sakin layi na farko kwanaki ne zalla, babu siffanta kowa, domin kwanakin da kansu sun nuna jinkirin. Kusan wata uku tsakanin Maris da Yuni ba ya buƙatar a ce masa "sakaci".

Sakin layi na uku shi ne zuciyar abin. Mutane da yawa suna rubuta "ina roƙon a taimaka a duba lamarina", wanda ba ya ɗora wa kowa wani aiki. Nan kuwa an bai wa ofis ƙofa biyu: ko ku faɗi abin da ya rage, ko ku ba da izini. Jami'in da ya rubuta tambaya a fayil tun Maris zai ji sauƙin amsawa, domin ba a zarge shi ba, an ma buɗe masa hanyar fito da tambayar.

Jimlar "ban fara kowane aiki ba" ka sa ta ne kawai idan gaskiya ce. Wasiƙar tana iya sa a sake zuwa filin. Idan ka riga ka zuba fandisho ko ka ɗora bulo, ka tsayar da aikin, ka cire jimlar, ka nemi shawarar mai zanenka kan yadda za a daidaita lamarin, domin ƙarya a rubuce ta fi ginin da aka fara illa.

Game da ranar dawowa, ka ba da mako biyu. Ƙasa da haka wasiƙar ba ta gama zagaya tebura ba. Kuma ka lura an ce "zan dawo", ba a ce "na ba ku wa'adi" ba. Sakamakon ɗaya ne, amma na farko ba ya sa kowa ya ɗaure fuska.

Abin da ba a sawa a ciki

Kada ka ambaci sunan wani jami'i da zargi. Idan wani ya nemi ka ba shi wani abu kafin fayil ya motsa, wannan ƙorafi ne daban, da wurin kai shi daban, kuma haɗa shi da wasiƙar bibiya yana sa a ajiye maganar izinin a koma kare kai. Kada ka cika ta da labarin tsadar siminti da rodi. Gaskiya ne jinkirin yana cin kuɗinka, amma ba ya cikin abin da ake dubawa. Idan akwai wani wa'adi na zahiri, kamar bashin banki da ba za a saki ba sai an ga izini, layi ɗaya ya isa.

Sai maganar doka, inda masu ɗan karatu suka fi zamewa. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ce jinkirta amsa kada ya wuce wata uku, kuma idan an ƙi amincewa a ba da dalili a rubuce. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Saboda haka wanda ke Kano ko Kaduna ya kafa hujja da waccan dokar, jami'in da ya san aikinsa zai ture ta da jimla ɗaya. Abin da ya fi ƙarfi shi ne lokacin da hukumar da kanta ta yi alkawari, a fom ɗinta ko allon sanarwarta ko shafinta. Idan ta rubuta adadin kwanaki, ka ambace shi a hankali: "kamar yadda hukuma ta bayyana cewa ana kammalawa cikin kwana kaza."

Kuma ko wata nawa aka yi, kada ka ɗauki shiru a matsayin amincewa. Izini shi ne zanen da aka buga wa hatimi da takardar da ke tare da shi.

Mataki na biyar: miƙawa

Ka buga kwafi biyu, ka sa hannu a duka. Takardun da za ka haɗa su zama kwafi, ainihin rasit da takardar fili su zauna a gida. Ka kai rajista ko ofishin sakataren shugaba, duk inda suke karɓar wasiƙu, ka ce a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ka tsaya har a buga. Idan an ce mai hatimi ya fita, ka jira shi ko ka dawo gobe da wasiƙarka a hannu. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimi, a idon ofis ba a taɓa kawo ta ba, kuma duk matakin da za ka ɗauka nan gaba a kan wannan kwafin zai tsaya. Ka ɗauki hotonsa a waya tun kafin ka bar harabar.

Idan ta kwamfuta ka nemi izinin, ka tura wasiƙar ta nan ma, amma duk da haka ka kai ta takarda. Idan ba ka gari, kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa zai wadatar.

Idan amsa ta zo

Mu koma ga mai fulotin nan. Da ya dawo bayan mako biyu, sai aka miƙa masa takarda. Ashe tun Maris mai duba tsari ya rubuta abu biyu: shagunan sun ci tazarar da ya kamata a bari daga titi, sannan takardar filin ta gidan zama ce, shago kuwa kasuwanci ne. An kira lambar da ke kan fom, wadda ta yaron mai zane ce, ba a samu ba, fayil ya kwanta. Wannan ne ya sa na sa jimlar sauya lambar waya a cikin wasiƙar.

Yanzu zaɓi biyu gare shi. Ko ya cire shagunan, mai zane ya gyara zanen ya sake buga hatiminsa, gidan ya samu izini ba da jimawa ba. Ko ya dage a kan shagunan, ya ja su baya, ya nemi a sauya manufar filin, wanda nema ne daban mai kuɗinsa da lokacinsa, kuma ba lallai a amince ba. Ga wanda damina ta tsaya masa a kai, na farko ya fi, shagunan ya neme su daga baya. Kowanne ya zaɓa, gyararren zanen ma da 'yar wasiƙa zai koma, mai lambar fayil da kwanan watan takardar da aka ba shi, a kuma buga masa hatimin karɓa. Kada ya miƙa wa wani jami'i a baranda.

Idan amsar ita ce ba a ga fayil ba, kada ka yarda a ce ka sake nema daga farko ka sake biya. Ka rubuta kana roƙon a buɗe fayil na wucin gadi da lambar da ta gabata, ka kawo sabon saitin zane da kwafin rasit. Idan kuma cewa aka yi kuɗin bai shiga ba, ka je bankin da ka biya a ba ka shaidar cewa ya tafi asusun hukuma, ka kai sashen kuɗi su tabbatar a rubuce.

Idan shiru ya ci gaba

Sai wasiƙa ta biyu, wadda ta fi ta farko gajarta. A kanta ka rubuta "Tunatarwa", ka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ka liƙa kwafinta mai hatimi, ka maimaita roƙon nan guda. A wannan karon ka nemi a ba ka lokacin ganin daraktan sashen, ka je da mai zanenka domin idan maganar fasaha ta taso a amsa ta nan take. A ƙasan wasiƙar ka nuna ka aika kwafi ga Babban Sakataren ma'aikatar da hukumar ke ƙarƙashinta, kuma ka kai masa da gaske, shi ma a buga hatimi.

Idan wata guda ya sake wucewa babu amsa, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ke da ofis a kowace jiha, kuma jinkirin ma'aikatun gwamnati yana cikin abin da take saurare, ba a biyan ko kwabo. A Kano akwai kuma hukumar jiha ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, inda maganar wanda ya nemi na goro ta dace. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka nemi ofishin da kansa ya gyara, sai ka ajiye musu kwafi biyu masu hatimi, da rasit, da jerin kwanakin da ka rubuta tun a matakin farko.